Kwantirolar caji ta PWM da ta MPPT: yadda ake gane wadda ta dace da fanel da batirinka

A bayan kowane fanel na sola akwai wata 'yar takarda da kamfani ya manna, kuma yawancin gardamar da ake yi tsakanin mai shago da mai saye a kan PWM da MPPT tana ƙarewa ne a jikin wannan takarda. Kwantirolar caji ita ce na'urar da ake sawa tsakanin fanel da batir domin ta daidaita caji, PWM da MPPT kuma iri biyu ne nata. Abin da ke raba kwantirolar biyu shi ne yadda kowacce ke yi da tazarar da ke tsakanin bolt ɗin da fanel ya fi ba da ƙarfi a kansa da bolt ɗin da batir yake kai. Idan tazarar ƙarama ce, PWM ta wadatar, kuɗin MPPT ɓarna ne. Idan babba ce, PWM za ta zubar da rabin abin da ka saya a kan rufi ba tare da ta nuna maka alamar komai ba.

Karanta takardar fanel tukuna

Lambobi huɗu ake nema. Vmp shi ne bolt ɗin da fanel ke ba da ƙarfinsa mafi yawa a kai, Imp kuma amfiyar da yake turowa a wannan lokaci. Idan ka ninka su biyun za ka sami wat ɗin da aka rubuta da manyan baƙaƙe. Voc shi ne bolt ɗin da mita za ta nuna idan ba a haɗa fanel da komai ba, Isc kuma iyakar amfiyar da zai iya fitarwa idan aka haɗe wayoyinsa biyu. Duk an auna su ne a ɗakin gwaji, da hasken wat 1000 a kan kowace murabba'in mita, jikin fanel kuma yana kan digiri 25. Riƙe wannan digiri 25 ɗin, domin a kan rufin kwano a Sakkwato ko Maiduguri ba a samun sa da rana.

Akwai wata ɗabi'a ta fanel wadda dole a fahimce ta kafin sauran bayani ya zauna. Amfiyarsa ba ta canzawa sosai komai aka ja bolt ɗinsa ƙasa. Fanel mai Imp na amfiya 9.2 da Isc na 9.8, ko ka riƙe shi a bolt 30, ko 20, ko 13, amfiyar da zai ba ka tana tsakanin waɗannan lambobi biyu. Tunda wat shi ne bolt sau amfiya, duk bolt ɗin da aka rage masa wat ne aka yar. Idan kuma aka bar bolt ya haura Vmp, amfiya takan faɗi da sauri har ta zama sifili a Voc. Wuri ɗaya ne ƙarfin ya fi yawa, kuma wurin ba ya zama waje guda: yana motsi da zafi da haske tun safe har yamma.

Abin da PWM ke yi

Kwantirolar PWM makunni ce kawai mai saurin buɗewa da rufewa. Lokacin da batir ke jin yunwa, takan rufe makunnin ta bar shi a rufe, wato fanel da batir sun haɗu kai tsaye. Batir ya fi fanel taurin kai, shi ne ke yanke bolt. Idan batir yana bolt 13.5, fanel ma dole ya sauko kusa da nan, sai ɗan abin da waya ta ci. Amfiyar da ta fito daga fanel ita ce ta shiga batir, ba ƙari.

Idan batir ya kai bolt ɗin da aka saita masa, misali 14.4, sai kwantirola ta fara yanke wutar gunduwa-gunduwa, sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya. Tana rage tsawon lokacin da makunnin ke rufe domin bolt ya tsaya cak yayin da amfiya ke raguwa. Wannan aikin tana yin sa da kyau. Ba ta da naɗin waya mai nauyi a ciki, ba ta zafi sosai, ba ta cin wutar kirki da dare, kuma abin da zai lalace a cikinta kaɗan ne.

Abin da MPPT ke yi

MPPT ta raba fanel da batir, ta shiga tsakani. A cikinta akwai makunnin lantarki mai kunnuwa da mutuwa sau dubbai a daƙiƙa, da naɗin wayar tagulla a kan zobe, da kafasito. Da waɗannan take karɓar wuta mai bolt da yawa da amfiya kaɗan, ta mayar da ita mai bolt kaɗan da amfiya da yawa. Aikin giya ne a babur mai hawa tudu: injin na juyawa a inda ya fi ƙarfi, taya na juyawa a hankali amma da ƙarfin ja. Ba ta ƙirƙirar wuta. Wat ɗin da ya shiga shi ne ya fita, ban da kashi uku zuwa biyar cikin ɗari da ke tafiya a zafi.

Yadda take gano inda ƙarfin ya fi yawa ba wani sirri ba ne. Takan ɗan matsa bolt ɗin fanel sama, ta auna wat. In ya ƙaru ta ci gaba ta wannan ɓangaren, in ya ragu ta juyo. Haka take yi ba hutawa, shi ya sa idan ka zuba wa allon ido za ka ga bolt ɗin PV, wato na ɓangaren fanel, yana ɗan rawa. Masu kyau sukan kuma share dukkan zangon daga sama zuwa ƙasa lokaci-lokaci, saboda idan inuwar tankin ruwa ko ta eriya ta faɗi a kan wani sashe, wurin ƙarfi yakan rabu gida biyu, kuma kwantirola mai rauni tana iya maƙalewa a ƙaramin.

Lissafi na farko: fanel babba, batir bolt 12

Ɗauki shagon cajin waya da ke da batir tubula ɗaya, bolt 12, 200Ah, da fanel ɗaya na wat 300 mai ƙwayoyi 60, wato ƙananan murabba'an nan da ke jere a fuskarsa. Takardarsa ta ce Vmp 32.5, Imp 9.2, Voc 39.8, Isc 9.8. Irin wannan haɗi ya yawaita, domin manyan fanel sun fi araha idan aka raba kuɗinsu da wat, sai mutum ya saya ya kuma ɗauki 'yar kwantirola mai sauƙin kuɗi.

Da PWM, da tsakar rana batir yana bolt 13.5, fanel zai turo kusan amfiya 9.6.

```
13.5 V × 9.6 A = 130 W
```

Wat 130 ke nan daga fanel ɗin wat 300. Babu abin da ya lalace, babu jar fitila, allo ma yana nuna caji na tafiya.

Da MPPT sai an fara cire abin da zafi ya ci. A ce jikin fanel ya kai digiri 60, abin da ba baƙo ba ne a watan Afrilu. Irin wannan fanel yana rasa kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kan kowane digiri sama da 25. Digiri 35 ya ƙaru, an rasa kashi 14, saura wat 258. Kwantirola ta ci kashi huɗu, saura 248.

```
248 W ÷ 13.5 V = 18.4 A
```

Kusan ninki biyu. Yanzu duba abin da wannan ke nufi ga batir. Idan an sha rabinsa da dare, yana bin bashin 100Ah. A lissafa da awa biyar na cikakkiyar rana: PWM ta mayar da 48Ah, MPPT ta mayar da 92Ah. Batirin da ke kan PWM ba zai taɓa cika ba, kuma batirin dalma da ke kwana ba cikakke ba kullum, farin gishiri yakan daskare a jikin farantansa, ƙarfinsa ya riƙa raguwa. Bayan wasu watanni sai a ce batirin jabu ne, alhali yunwa ce ta kashe shi.

Lissafi na biyu: inda MPPT ba ta cancanci kuɗinta ba

Canza fanel zuwa na wat 150 mai ƙwayoyi 36, wanda a kasuwa ake kira fanel ɗin bolt 12. Vmp 18, Imp 8.3, Voc 22.3, Isc 8.9. An ƙera shi ne tun asali domin a haɗa da batir bolt 12 kai tsaye.

A sanyi, jikin fanel yana digiri 25, PWM za ta ba da kusan amfiya 8.6. MPPT za ta ɗauki wat 150, ta bar 144, ta raba da 13.5, ta ba da amfiya 10.7. Ƙarin kusan kashi 24 cikin ɗari, kuma daga irin wannan lissafi ne 'yan talla suke samo maganar "ƙarin kashi talatin". To amma zafi bolt yake ci, ba amfiya ba. Idan jikin fanel ya kai digiri 65, Vmp ya sauko daga 18 zuwa wajen 15. Batir yana 13.5, waya da kwantirola sun ci rabin bolt, fanel yana aiki a 14. Tazarar ta koma bolt ɗaya. PWM tana ba da wajen amfiya 8.5, MPPT tana ba da wajen 9. Ribar ta faɗo ƙasa da kashi goma. A wannan hali, kuɗin da za a ƙara a sayi MPPT gara a ƙara fanel na biyu da shi, a riƙa kuma goge ƙurar hunturu, wadda takan ci fiye da wannan bambanci.

Mutumin Jos, inda iska ke da sanyi, ya fi mutumin Agadas ko Nguru cin ribar MPPT a kan irin wannan fanel. Da sanyin safiyar Disamba kowa yakan ɗan samu.

Akwai tarko a tsakani da ya kamata a sani. Fanel mai ƙwayoyi 60 ana yawan sayar da shi da sunan fanel ɗin bolt 24, alhali bai kai ba. Vmp ɗinsa na 32.5 yana saukowa wajen 28 a zafi, batir bolt 24 kuma yana buƙatar 28.8 kafin ya cika. Da PWM caji yakan fara da kyau da safe, amma da batir ya doshi cika sai amfiya ta zube, domin fanel ya wuce inda yake da ƙarfi. Fanel ɗin bolt 24 na gaskiya ƙwayoyi 72 gare shi, Vmp 36 zuwa sama. MPPT ma ba za ta ceci fanel ɗaya mai ƙwayoyi 60 a kan batir bolt 24 ba, domin yawancinsu rage bolt suke yi, ba sa ɗaga shi, wasu ma ba sa farkawa sai bolt ɗin fanel ya fi na batir da kusan biyar. Maganin shi ne a jera fanel biyu a siris, wato + na ɗaya a − na ɗayan domin bolt ɗinsu ya taru, a ɗaura su a MPPT.

Bambancin yana nan ne kawai lokacin da batir ke jin yunwa

Caji hawa uku ne. A hawa na farko batir yana karɓar duk abin da aka ba shi. A na biyu ana riƙe bolt a wuri ɗaya amfiya na raguwa. A na uku ana sauke bolt zuwa wajen 13.6 ko 13.8 domin a riƙe shi a cike. A allo za ka ga an rubuta su Bulk, Absorption ko Boost, da Float. MPPT tana bin wurin ƙarfi ne a hawa na farko kawai. Da batir ya kai hawa na biyu, ita ma da gangan take kauce wa wurin domin ta rage wuta. Saboda haka gidan da batirinsa ke cika tun ƙarfe goma sha ɗaya kuma ba a kunna komai da rana, ba zai ga wani canji ba idan ya sauya kwantirola. Wanda ke kunna firiji da fanfo da rana, ko wanda batirinsa ba ya cika har la'asar, shi ne zai gani.

Zaɓen girma: lissafin biyu ba iri ɗaya ba ne

A PWM amfiyar fanel ce ke ratsa kwantirola, don haka da Isc ake lissafi. Tara Isc na dukkan fanel ɗin da ke haɗe a faralal, wato duk + wuri ɗaya, duk − wuri ɗaya, ka ninka da 1.25. Fanel biyu na wat 150 sun ba da 17.8, sau 1.25 ya zama 22.3, sai ka ɗauki ta amfiya 30, kada ka ɗauki ta 20. Ƙarin nan saboda lokacin da rana ta ɓullo ta gefen farin gajimare ne, haske yakan wuce na ɗakin gwaji na ɗan lokaci, kuma yawancin PWM ba su iya rage amfiya ba, sai dai su yanke ko su ƙone.

A MPPT amfiyar da aka rubuta ta ɓangaren batir ce. Raba wat ɗin fanel da bolt ɗin batir: 300 a raba da 13 ya ba da 23, sai ka ɗauki ta amfiya 30. Idan fanel ya ɗan fi ƙarfinta, mai kyau takan tsaya a iyakarta ta bar ragowar, ba ta lalacewa, muddin ba a wuce abin da littafinta ya yarda ba. Lura kuma cewa kwantirola ɗaya ta amfiya 30 tana ɗaukar wajen wat 400 a batir bolt 12, amma wajen 800 a bolt 24. Wannan kaɗai ya isa dalilin komawa bolt 24 idan fanel ya wuce wat 500.

Lambar da ba a wasa da ita ita ce iyakar bolt na PV. Idan an rubuta 100/30, ma'anarsa bolt 100 ne iyakar shiga, amfiya 30 iyakar fita. Wuce amfiya tana yafewa, wuce bolt ba ta yafewa, kuma garanti ba ya biyan sa. Ana lissafin ne da Voc, ba da Vmp ba, kuma da safiyar da ta fi kowacce sanyi, domin sanyi yana ɗaga Voc da kusan kashi 0.3 cikin ɗari a kan kowane digiri ƙasa da 25. Ga inda mutane ke faɗawa: fanel biyu na wat 550, kowanne Voc 49.5, a siris sun ba da 99. A ido kamar sun shiga ƙarƙashin 100. Da asubahin hunturu mai digiri 10, an ƙara kashi 4.5.

```
49.5 V × 2 × 1.045 = 103.5 V
```

Kuma daidai wannan lokacin ne kwantirola ba ta fara jan wuta ba, don haka cikakken Voc take gani. Haɗin da ya yi aiki lafiya tun damina sai ya mutu wata safiya a Janairu. Irin waɗannan fanel biyu kwantirola mai bolt 150 suke so. Fanel namu na wat 300 kuwa, biyu a siris 79.6 ne, da sanyi wajen 83, sun zauna lafiya a mai bolt 100. Uku sun kai 119, ba su shiga ba.

Ribar waya

Wannan ribar ba a cika ambatonta ba. Ɗauki fanel biyu na wat 300, nisan rufi zuwa kwantirola mita 10, wato waya mita 20 zuwa da dawowa, tagulla mai kauri 4mm². Turjiyar wannan waya wajen om 0.088 ce. A faralal amfiya 18.4 ke bin ta, bolt 1.6 ya faɗi a hanya, wat 30 ya tafi a ɗumama waya. A siris amfiya 9.2 ce, bolt 0.8 ya faɗi, wat 7 da ɗoriya kawai aka rasa. Rage amfiya da rabi yana rage asara zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. MPPT ce kaɗai ke ba ka damar jera fanel a siris sama da bolt ɗin batir. A PWM kuwa faɗuwar bolt ɗaya da rabi a kan fanel mai zafi na bolt 12 tana rage amfiyar da ke shiga batir idan ya doshi 14.4, sai ka sayi waya mai kauri. A yi hattara da wayar alminiyon da aka shafa wa tagulla: kankare bakinta da wuƙa, in ka ga fari a ciki, turjiyarta ta fi lissafin nan da fiye da rabi.

Siris yana da nasa aibu. Inuwa a kan fanel ɗaya tana taɓa layin duka, kuma ba a jera fanel masu Imp daban-daban a layi ɗaya, domin ƙaramin ne zai yanke wa kowa amfiya.

Haɗawa

Matakan iri ɗaya ne ga kwantirolar biyu, kuma jerin yana da dalili.

1. Kafa kwantirola a tsaye a bango, a inuwa, kusa da batir amma ba a samansa kai tsaye ba idan mai ruwa ne, saboda tururin asid da iskar da ke kama wuta. Bar tazarar tafin hannu sama da ƙasa domin iska. MPPT idan ta yi zafi da kanta take rage amfiya, sai ka yi zaton fanel ne ya gaza.

2. Sa fiyus ko bireka ta DC a wayar batir mai alamar +, kusa da kan batir. Ga kwantirolar amfiya 30, fiyus na 40 da waya 10mm² gajera. A MPPT wannan ɓangaren ne ke ɗaukar amfiya mafi yawa, don haka wayar batir ta fi ta fanel kauri. Birekar wutar NEPA ba ta dace da layin fanel ba, domin tartsatsin DC ba ya mutuwa da kansa.

3. Haɗa batir tukuna. Da bolt ɗin batir kwantirola ke gane ko tsarin na 12 ne ko na 24. Idan batirin bolt 24 ya yi mugun sauka, tana iya ɗaukar sa na 12, sai ta ƙi caji. Duba allo ka tabbatar.

4. Saita irin batir. Ga mai ruwa da tubula, hawa na biyu 14.4 zuwa 14.8 gwargwadon abin da kamfaninsa ya rubuta. Ga jel, wajen 14.1 zuwa 14.4. Ga litiyom LiFePO4 mai ƙwayoyi huɗu, 14.2 zuwa 14.4. Kashe Equalize, wato cajin bolt mai yawa da ake yi lokaci-lokaci domin daidaita ƙwayoyin batir, ga jel da litiyom, na batir mai ruwa ne kawai. Ninka waɗannan lambobi sau biyu a tsarin bolt 24.

5. Idan akwai 'yar wayar auna zafi, manna ta a jikin batirin dalma. Batir bolt 12 mai zafi yana son a rage masa bolt da kusan 0.02 zuwa 0.03 a kan kowane digiri sama da 25. A ɗaki mai digiri 40, hakan ya kai kusan 0.3 zuwa rabin bolt, kuma rashin ragewar ne ke sa ruwan batir ƙonewa da wuri. Ga litiyom a kashe wannan.

6. Kafin ka haɗa fanel, auna wayoyinsa da mita: ka tabbatar da + da −, ka kuma tabbatar bolt ɗin bai kusanci iyaka ba. Sannan ka ɗaura a PV+ da PV− bireka na kashe, ka kunna daga baya.

Wajen kwancewa a juya: fanel tukuna, sannan batir. Cire batir rana na dukan fanel yana barin kwantirola da wutar da ba ta da inda za ta kai. Inbata kuma kai tsaye a kan batir ake ɗaura ta da nata fiyus, ba a bakin LOAD ba, wanda na ƙwan fitila ne da ƙananan kaya. Bayan mako guda a sake ɗaure sukurori, domin wayar tagulla mai silili takan saki, kuma baki mai sako-sako shi ne ke narkar da roba.

Gane MPPT ta jabu

Kasuwa cike take da ƙananan kwantirola marasa nauyi masu ramin USB biyu, an buga musu MPPT a goshi, cikinsu kuwa PWM ce. Tun a shago akwai alamu. Ta gaskiya tana da nauyi a hannu saboda naɗin tagulla da ƙarfen sanyaya ta. Takardarta tana faɗin iyakar PV kamar bolt 75, 100 ko 150, da iyakar wat a 12 da a 24. Wadda aka rubuta wa amfiya 60 ko 100 amma za ta shiga aljihun riga, bakin wayarta ma ba zai ɗauki 10mm² ba, ba sai an gwada ta ba.

Gwajin da ba ya ƙarya da mita ake yi. A yi shi da hantsi, rana a buɗe, batir bai cika ba. Idan ya cika, kunna kaya masu ja har bolt ya sauka ƙasa da 13.5. Wannan sharaɗi ne, domin a hawa na biyu PWM tana yanke wuta, mita kuma za ta nuna maka matsakaicin bolt mai yawa a ɓangaren fanel, ka zaci MPPT ce. Auna bolt tsakanin PV+ da PV−, sannan a bakin batir. A fanel namu na wat 300, MPPT za ta nuna wajen 27 zuwa 31 a PV, batir yana 13 da ɗoriya. Idan lambobin biyu ba su fi bolt ɗaya tsakani ba, PWM ce. Sai ka kama wayar fanel da mitar maƙalawa mai auna DC, ka kama ta batir. A MPPT amfiyar batir ta fi ta fanel, a misalinmu 9 ta shiga, 18 ta fita. A PWM iri ɗaya ne. Kada a dogara da amfiyar da allon kwantirolar ke nunawa wajen wannan gwaji.

Idan caji ya yi ƙasa

Fara da duba hawan da kwantirola take. Amfiya kaɗan a Float ba matsala ba ce, batir ne ya ƙoshi. Idan tana Bulk kuma amfiya ta yi ƙasa, bolt ɗin PV zai nuna hanya. Bolt da ke kusa da Voc yana nufin kwantirola ba ta ja: ko ta yi zafi, ko an saita mata iyakar amfiya ƙasa, ko wayar batir siririya ce har tana ganin 14.4 a bakinta alhali kan batir yana 13.6. Auna wuraren biyu, bambancin bai kamata ya wuce 0.2 zuwa 0.3 ba. Bolt da ya gaza abin da ake tsammani da kusan kashi ɗaya cikin uku na fanel guda yana nuna inuwa a wani sashe, ko dayod ɗin da ke akwatin bayan fanel ya ƙone ya haɗe. Idan bolt daidai ne amfiya ce ta gaza, ƙura ce, ko hazo, ko mahaɗin wayar fanel, wanda ake kira MC4, da ya ci wuta.

Batirin litiyom yana da tasa matsalar. Idan ƙwaya ɗaya ta riga sauran cika, BMS, wato na'urar da ke cikin batirin tana kare ƙwayoyinsa, yakan yanke caji farat ɗaya, bolt ya yi tsalle a bakin kwantirola, inbata ta yi ƙara ko ta mutu da tsakar rana. Sauke bolt ɗin hawa na biyu zuwa 14.0 ko 14.2 yakan kwantar da abin har ƙwayoyin su daidaita. PWM mai arha wadda ba ta da wurin saita lambobi da hannu, ko wadda ba a iya kashe mata Equalize, ba a ɗaura ta a kan litiyom ko da fanel ɗin ya dace da ita.